Yarona na tumbuɗi, da dare kuma sai tari da gyaran murya

Assalamu alaikum Likita. Yarona ɗan fari ne, watansa uku. Tun kafin mu yi arba'in yake tumbuɗi, yanzu kuma da dare sai in ji yana gyaran murya kamar babba, wani lokacin ya yi tari biyu ko uku ya koma barcinsa. An haife shi da kilo 3.1, awon makon jiya ya kai 5.7. Nono yake sha, amma da dare ina ƙara masa madara mililita 150 a fida don ya yi barci. Uwar mijina ta ce beli ne, a kira wanzami. Ni kuma na koma kwantar da shi ruf da ciki a kan filo don kada ya ƙware. Wallahi ba na iya barci.

Maman Abba, Gusau

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya mana Abba.

Zan fara da awon, domin shi ne ya fi kwantar mini da hankali. Ƙarin kilo 2.6 cikin mako 13 na nufin kusan giram 200 duk mako, kuma abin da ake so ke nan ga jariri a watannin farko. Yaron da nono ke zama a jikinsa haka, abin da yake zubarwa bai kai yadda idonki ke gani ba. Ki gwada zuba madara cokali ɗaya a kan zane ki ga faɗin da za ta yi. Ban duba shi da hannuna ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma siffar da kika bayar ta fi kama da tumbuɗin da aka saba gani. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki kwanciyar da kika sauya masa ce, sai maganar wanzami. Tarin shi ne na uku.

Ga abin da ke faruwa a jikinsa. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka da ta zagaye wurin, aikinta ta tsuke bayan abinci ya wuce, kamar bakin jakar da ake zuge wa igiya. A jikin jariri tsokar nan ba ta gama ƙwari ba, takan saki lokaci zuwa lokaci. Ga hanyar abincin gajeriya, ga abincin ruwa ne zalla, ga shi mafi yawan yini a kwance yake. Saboda haka nono kan dawo sama. Wani ya fito ta baki ki gani, wani kuma ya tsaya a maƙogwaro ya sake haɗiye shi ba tare da kin ga komai ba. Bakin hanyar iska yana nan daf da wurin, kuma ba ya jure ko ɗigo. Da ya ji danshi sai ya rufe, yaro ya yi haɗiya, ya yi wannan gurnanin da kike ji kamar gyaran murya, in abin ya ɗan yi yawa ya yi tari ɗaya ko biyu. Wannan tarin kariya ce, shi ke hana nonon gangarawa huhu.

Akwai kuma hanci. Jariri a watannin farko ta hanci ya fi yin numfashi, kafofin kuma ƙanana ne ƙwarai. Ɗan nonon da ya hau bayan hanci, ko busasshiyar majina, ya isa ya sa ki riƙa jin ƙara. A wajen wata uku yawu ma yana ƙaruwa, yaro bai iya haɗiye shi da kyau ba tukuna. Da dare duk waɗannan suke haɗuwa: yana kwance, mai barci ba ya yawan haɗiya, gari ya yi tsit, ke kuma kunnenki na kansa. Yawancin ƙarar nan yana yin ta da rana ma, hayaniyar gida ce ke rufe ta.

Tumbuɗi kan fara kafin jariri ya cika wata biyu, ya fi tsananta a wajen wata huɗu, sannan ya riƙa ja da baya idan yaro ya fara zama da cin abinci mai kauri. Kusan tara cikin goma sun daina kafin su shekara. Na faɗi haka ne don ki san cewa nan da 'yan makonni zai iya ƙaruwa kafin ya ragu, kada ki ɗauka wani sabon ciwo ne.

To, ina iyakar abin da za a jingina wa tumbuɗi? Tarin tumbuɗi gajere ne, yakan biyo bayan shan nono ko kwanciya, yaro ya yi shi ya wuce, launinsa bai canza ba, numfashinsa ya koma daidai nan take, da safe ya tashi yana wasa yana kama nono da ƙarfi. Abin da ya wuce wannan, a nemi wani dalili. Na dage a kan haka domin da zarar an ce yaro mai tumbuɗi ne, sai a riƙa ɗora wa tumbuɗin komai, har nimoniya ta shigo a ce ai dama haka yake yi. A gaskiya jariri ɗan wata uku mai cikakkiyar lafiya ba ya yawan tari. Tari na kullum da ya kai mako huɗu, ko wanda ake jin majina a cikinsa, ba a barinsa da sunan tumbuɗi sai likita ya saurari ƙirjin.

Hanyar da ta fi amfani a gida ita ce ki bar sauraren maƙogwaro ki dubi ƙirji. Idan ya yi barci ko ya natsu, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogon wayarki. Ɗagawar ciki da saukarsa ɗaya ke nan. Kada ki ƙirga rabin minti ki ninka, domin numfashin jariri ba ya tafiya bai ɗaya: yakan yi sauri, ya ɗan dakata daƙiƙa biyar zuwa goma, ya ci gaba, kuma wannan ba ciwo ba ne. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, ga yaro daga wata biyu har ya kusa shekara, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ya yi sauri. Ga wanda bai kai wata biyu ba, 60 ne. Idan kin samu 50 ko sama, ki sake ƙirgawa. In ya maimaita, a kai shi asibiti a ranar.

Sannan ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa lokacin da yake jan iska. A lafiyayyen yaro ƙirji da ciki tare suke tasowa. Idan kin ga ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki duk jan numfashi, ko kafofin hancinsa na buɗewa, ko kansa na rausaya tare da numfashin, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, wannan ba ya jiran gari ya waye. Ki lura da bambancin nan: gurnanin tumbuɗi yana zuwa ya tafi, nishin ciwon huhu kuwa yana bin kowane numfashi ba hutu. Haka kuma idan leɓɓansa ko harshensa suka yi duhu ko shuɗi, ko numfashi ya tsaya har daƙiƙa 20, ko jikinsa ya saki, ko ya kasa kama nono, ko kin tashe shi ya kasa farkawa sosai. A fatarmu baƙa, cikin leɓe da harshe ake dubawa, ba kumatu ba. Zazzaɓin da ya kai 38 a yaro kamar naki ma na asibiti ne a ranar, ba na farasitamol da jira ba. Idan ba ki da ma'aunin zafi, ki saya a kemis, tafin hannu yana yaudara.

Akwai tari iri ɗaya da nake so ki riƙe siffarsa, wato tarin shiƙa. Yakan fara kamar mura, bayan mako ɗaya ko biyu sai ya koma tari a jere ba tsayawa, fuska ta yi ja ko ta yi duhu, ya ƙare da amai, kuma da dare ya fi tashi. Ƙananan jarirai sau da yawa ba sa yin shiƙar da aka san ciwon da ita, numfashinsu ne kawai ke ɗaukewa. Saboda aman da ke biyo baya, ana saurin ce masa tumbuɗi. A tumbuɗi nono ne ke fara tasowa sannan tari ya biyo, a tarin shiƙa kuwa tarin ne ke jawo aman. Ki duba katinsa: allurar da ke kare wannan ciwo ana yin ta a mako 6 da 10 da 14, ke nan ta uku ta kusa. Kada a ɗaga ta saboda tumbuɗi. Kuma idan akwai babba a gidan da ya daɗe yana tari, musamman mai rama ko gumin dare, ki gaya wa likita ko bai tambaya ba, saboda tarin fuka.

Shi kansa abin da ke fitowa yana da nasa bayani. Fari ne ko mai gudaji kamar kindirmo, yana gangarowa ba yunƙuri, ba komai. Kore shar, ko mai jini, ko mai baƙi-baƙi, na gaggawa ne, musamman idan ciki ya kumbura. Aman da ke feshi da ƙarfi bayan kowane shan nono, yaro na ramewa ga yunwa, yakan nuna toshewar mafitar tumbi, amma wannan ya fi bayyana kafin wata biyu, kuma yaron da ke ƙara giram 200 a mako ba shi ba ne.

Sai waɗanda ba na gudu ba ne amma suna buƙatar likitan yara. Yaron da ke ƙwarewa kusan duk lokacin da yake shan nono, muryarsa ta jiƙe bayan ya gama, ko ya yi nimoniya fiye da sau ɗaya, ana duba yadda yake haɗiya. Wanda ke haɗa gumi yana haki a kan nono, ya sha kaɗan ya gaji, ana duba zuciyarsa. Wanda ke yin siririyar ƙara idan ya ja iska, ta ƙaru in yana kwance rigingine ko yana kuka, galibi laushin saman maƙogwaro ne, yakan tafi tare da tumbuɗi, kuma mafi yawa suna warkewa da kansu kafin shekara biyu, sai dai a bar likita ya tabbatar. Idan kuma ga tumbuɗi ga ƙuraje masu ƙaiƙayi, ga gudawa mai majina ko ɗigon jini, to wataƙila jikinsa ne bai karɓi madarar shanu ba, kuma yawancin madarar gwangwani daga ita ake yin ta.

Yanzu kwanciya. Daga daren yau ki mayar da shi rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, a miƙe, ba filo, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa, cikin gidan sauronsa. Na san abin da zuciyarki ke gaya miki, cewa in ya yi tumbuɗi a rigingine zai koma masa. Ƙirar wuya ba haka take ba. Hanyar iska ce a gaba, hanyar abinci a baya. Idan yana rigingine, hanyar abinci ce a ƙasa, nonon da ya taso can yake taruwa ya koma. Idan ya kifa, hanyar iska ce ke komawa ƙasa, nonon ya taru a bakinta. Ban da haka, kwanciyar ruf da ciki tana cikin manyan abubuwan da ke jawo mutuwar jarirai farat ɗaya cikin barci, wadda ta fi aukuwa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, daidai inda Abba yake. A ƙasashen da aka yi gangamin kwantar da jarirai rigingine tun farkon shekarun 1990, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi, kuma ba a ga ƙaruwar masu mutuwa ta ƙwarewa ba. Filon ma ba ya hana tumbuɗi. Yana lanƙwasa wuya, yaro ya zame ya dunƙule, cikinsa ya matsu, ga haɗarin fuska ta nutse a ciki. Kwanciyar gefe ma ba ta da tabbas, don yana iya kifewa. Ruf da ciki sai da rana, idonsa biyu, kina zaune kusa.

Fidar dare kuwa, ina zargin ita ce ke ninka miki aikin. Yaron da madara kaɗai yake sha, ana lissafa masa kusan mililita 150 ga kowane kilo a yini da kwana. A nauyin Abba wajen 855 ke nan, in aka raba sau takwas kowane sha bai wuce 110 ba. Ke kuma kina ba shi 150 a zama ɗaya, a kan nonon da ya riga ya sha, sannan a kwantar da shi. Tumbin da aka cika haka dole ya mayar da rara, madarar gwangwani kuma ta fi nono daɗewa a ciki. Awonsa ya nuna nononki yana yi masa aiki, don haka shawarata ki janye fidar a hankali cikin mako guda, kina rage ta kina ƙara sa shi a nono, har ya koma nono zalla zuwa wata shida. Zai riƙa farkawa sau biyu ko uku da dare, kuma haka ɗan wata uku yake. Muddin yana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a yini, awo kuma yana hawa, yana ƙoshi. In akwai dalilin da ya sa ba za a iya barin madarar ba, kada ta wuce 90 zuwa 100 a zama ɗaya, a haɗa ta yadda aka rubuta a gwangwanin, kuma kada a faɗaɗa hudar kan fida da allura. Koko ko kunu a fida don ya yi kauri bai dace da ɗan wata uku ba.

Lokacin shayarwa, kansa ya fi cikinsa tudu. Idan nono na zubowa da ƙarfi har yana ƙwarewa a farkon kamu, ki ɗan kishingiɗa baya, ko ki cire shi ki bar zubar farko ta wuce a tsumma. Ki sa shi gyatsa a tsakiya da kuma ƙarshe, sannan ki riƙe shi a kafaɗa minti 20 zuwa 30 kafin ki kwantar. Wannan riƙon aikin Baban Abba ne in yana gida, ke ki samu ki runtsa, amma kada mai riƙon ya yi barci da shi a kan kujera. Goyo yana taimakawa da rana tunda a tsaye yake, sai dai ba nan take bayan ya ƙoshi ba, kuma kada a tamke majanyi a kan cikinsa. Jijjiga da cilla shi sama bayan shan nono, wasan da kawunnai suka fi so, a ɗaga shi zuwa wani lokaci.

Ki kuma dubi iskar ɗakin. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin gawayi ko itace, sigari, da ƙurar hunturu, kowanne kan sa jariri tarin dare ko da ba ya tumbuɗi. Ɗakin mai jego kuwa kin san ba ya rabuwa da turare. A fitar da kasko daga inda yake kwana na mako biyu ki ga bambanci. In hanci ya toshe, ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan gishirin hanci na jarirai da ake sayarwa a kemis kafin shan nono ya wadatar. Kada a shafa masa man zafi a hanci ko ƙirji.

Batun beli. Kowane ɗan Adam da belinsa aka haife shi, kuma ba ya jawo tumbuɗi ko tari. Cire shi ba zai taɓa tsokar bakin tumbi ba, wadda take can ƙasa. Abin da zai iya jawowa shi ne zubar jinin da jariri ba shi da rararsa, jinin ya gangara hanyar iska, ciwon ya hana shi kama nono, ga tetanos da ciwon hanta da ake ɗauka ta ƙarfen da bai tsarkaka ba. Dalilin da ya sa mutane suka gaskata yana aiki shi ne tumbuɗi dama mai wucewa ne: a cire a wata huɗu, ya ragu a wata shida, a ce aikin wanzami ne. Hajiya jikanta take so, kuma abin da ta gani an yi wa nata 'ya'yan take faɗa. Kada ki yi musu da ita, ba bakinki ne zai yi wannan aikin ba. Ki nuna wa mijinki wannan amsar ya same ta da kansa, ranar awo kuma ku tafi tare da ita ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya.

Haka nan zuma, man shanu, jiƙo da ruwan zafi don "wanke maƙogwaro", duk a bari. Zuma ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Ɗura kuwa, musamman ta mai, ita ce hanya mafi sauƙi ta tura abu cikin huhu. Maganin tari na kwalba ba na jarirai ba ne, wasu suna sa barci mai nauyi har su danne numfashi. Antibayotik ba ya maganin tumbuɗi. Magungunan rage tsamin ciki irin su omefirazol ma ba sa hana nono tasowa, tsaminsa kawai suke ragewa, kuma gwaje-gwajen da aka yi a jarirai ba su nuna suna rage tari ko kuka fiye da maganin bogi ba, ga shi suna iya ƙara yawan gudawa da ciwon ƙirji. Likita kan ajiye su ne don yaron da ke ƙin nono saboda zafi, yana banƙarewa yana ihu, ko awonsa ya tsaya, kuma na 'yan makonni ne a sake dubawa.

Idan ya taɓa ƙwarewa a gabanki, muddin yana tari ko kuka to iska na shiga: ki ɗaga shi, ki karkata shi gaba, ki share bakin, ki bar shi ya fitar. Kada ki zura yatsa, kada ki hura masa fuska, kada a ba shi ruwa. In kuwa ya yi shiru ya kasa tari da kuka, ki kifa shi a kan hannunki kansa ya yi ƙasa, kina tallafe da haɓarsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar da gindin tafin hannu. In bai saki ba, ki juya shi ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau biyar da yatsu biyu, ki ci gaba da maimaitawa ana neman abin hawa.

Ki gwada gyaran nan na mako biyu: rigingine, janye fida, riƙo bayan shan nono, ɗaki ba hayaƙi. A cikin kwanakin ki ɗauki bidiyonsa da waya lokacin da yake ƙarar, rigarsa a ɗage yadda za a ga ƙirjin, ki kuma riƙa lura ko tarin na zuwa ne bayan shan nono ko ba ruwansa da shi. Ranar allurar mako 14 ki nuna wa ma'aikatan, ki roƙa a auna shi a saurari ƙirjinsa. In tarin ya ƙaru kafin ranar, ko kin ga ɗaya daga alamomin numfashin da na faɗa, ku tafi a lokacin ko da tsakar dare ne.